Kundin aiki: ƙiyasin buƙatu da ma'aji cikin minti biyar a intabiyun tsara manhaja

3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne haɗa takarda mai shafi ɗaya, tare da hanyar lissafi da za ta ba mutum damar kammala ƙiyasin yawan buƙatun da manhaja ke karɓa daga masu amfani da girman ma'ajinta cikin kusan minti biyar, a gaban allo, ba tare da kwakuleta ba. Intabiyun tsara manhaja yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, kuma ƙiyasi ɗan ƙaramin sashe ne a cikinsa, don haka duk mintin da ya ci fiye da rabonsa daga lokacin zanen tsari aka yanko shi. Na yanke shawarar riƙe misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wato manhajar ɗora hotuna da kallonsu, domin a cikinta akwai rubutu kaɗan da karatu mai yawa, akwai ƙananan bayanai da manyan fayiloli, kuma kowannensu yana jan tsarin zuwa ɓangare dabam.

Ƙa'idar da zan auna kowace lamba da ita ita ce wannan: wace shawara ce za ta canza idan lambar ta ninka sau goma? Lambar da ba ta canza komai ba za ta samu gurbi a takardar ba.

5 ga Fabrairu, 2025

Yau na zauna a kan lambobin da dole a haddace, kuma na ga ba su da yawa. A yini akwai sakan 86,400, amma a gaban allo ana ɗaukarsa 100,000, saboda raba lamba da 100,000 cire sifiri biyar ne kawai. Wannan dunƙulewa tana rage sakamakon da kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ya kamata mutum ya faɗi haka da bakinsa sau ɗaya, don mai yin tambayoyi ya san da gangan aka yi. Abu miliyan ɗaya a yini yana daidai da kusan 12 a sakan idan an yi lissafi na ainihi, ko 10 idan an dunƙule. A wata akwai sakan kusan miliyan 2.6, a shekara kuma kusan miliyan 31.5.

Na biyu shi ne tsanin girma. Kowane mataki sifiri uku ne: dubu, miliyan, biliyan, tiriliyan, waɗanda suka yi daidai da kilobayit, megabayit, gigabayit, terabayit, sai fetabayit a sama da su. Amfanin haddace su a jere shi ne ninkawa ta koma tara sifiri. Abu miliyan ɗaya mai girman kilobayit ɗaya gigabayit ɗaya ne. Abu miliyan ɗaya mai girman megabayit ɗaya terabayit ɗaya ne. Abu biliyan ɗaya mai girman megabayit ɗaya fetabayit ɗaya ne. Waɗannan jimloli uku sun ishi mafi yawan lissafin ma'aji.

Akwai masu tsayawa su yi gardama a kan ko kilobayit ɗaya bayit 1,000 ne ko 1,024. Bambancin yana girma da kowane mataki, har ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari a matakin terabayit, amma duk da haka ya yi ƙasa da rashin tabbas ɗin da ke cikin zaton farko na yawan masu amfani. A takardata 1,000 zan yi aiki da shi ko'ina.

```
yini   = 86,400 s ~ 10^5 s
10^6 x 1 KB = 1 GB
10^6 x 1 MB = 1 TB
10^9 x 1 MB = 1 PB
1 Gbps = 125 MB/s
```

8 ga Fabrairu, 2025

Na fara lissafin buƙatu na manhajar hotunan. Tushen komai shi ne adadin masu amfani a kowane yini, kuma shi ne abu na farko da ya kamata a tambayi mai yin tambayoyi kafin a ƙaddara shi, domin sau da yawa yana da lamba a ransa. Idan ya bar wa mutum zaɓi, sai a zaɓi lamba mai sauƙin ninkawa a rubuta ta a kusurwar allo. Na ƙaddara mutum miliyan 50 a yini. Na ƙaddara ɗaya cikin goma ne ke ɗora hoto, kuma kowannensu yana ɗora biyu, wanda ya ba da hotuna miliyan 10 a yini. Na kuma ƙaddara kowane mai amfani yana kallon hotuna 40, wanda ya ba da kallo biliyan 2 a yini.

Hotuna miliyan 10 suna da sifiri bakwai. A cire biyar, saura 100 a sakan. Kallo biliyan 2 yana da sifiri tara. A cire biyar, saura 20,000 a sakan. Lissafi na ainihi ya ba da 116 da kuma 23,148, kuma babu wata shawarar tsari da za ta canza tsakanin 100 da 116.

Abin da ya fi kowace lamba daraja a nan shi ne dangantakar da ke tsakaninsu: ana karanta hoto sau 200 a kan kowane ɗorawa guda. Wannan ne ke nuna cewa ƙoƙarin tsari ya kamata ya tafi wajen isar da hotuna da sauri, ta hanyar ma'ajiyar wucin gadi da kwafe-kwafen karatu, kuma rubutu 100 a sakan ba abin da zai firgita rumbun bayanai guda ɗaya ba ne. A ganina wannan jimlar ita ce abin da ake jira a ji. Mutumin da ya rubuta 100 da 20,000 a allo ya wuce ba tare da ya faɗi abin da suke nufi ba, ya yi lissafi amma bai yi ƙiyasi ba.

12 ga Fabrairu, 2025

Matsakaici ba shi ne abin da ake gina tsari a kansa ba, domin mutane ba sa amfani da manhaja daidai wa daida a awa 24. Al'adar da aka saba ita ce a ninka matsakaici sau biyu ko uku don samun lokacin cunkoso, kuma na so in fahimci dalilinta kafin in saka ta a takarda. Ga yadda ake iya kafa mata hujja a gaban allo. Idan masu amfani suna yanki ɗaya na duniya, kuma aka ƙaddara rabin aikin yini yana faruwa a awa huɗu na yamma, to awa huɗu kashi ɗaya ne cikin shida na yini, rabin aiki a kashi ɗaya cikin shida na lokaci kuwa yana nufin ninki uku na matsakaici. Idan kuma masu amfani sun bazu a nahiyoyi da yawa, yammacin wasu safiyar wasu ce, sai tudun ya ragu ya kusanci ninki biyu. Na ɗauki uku, wato ɗorawa 300 da kallo 60,000 a sakan.

Sai dai wannan ninki uku cunkoson kullum ne kawai yake rufewa, ba ya rufe ambaliyar da wani lamari na musamman ke jawowa. A watan Agusta na 2013 kamfanin Twitter ya bayyana cewa ya samu saƙonni 143,199 a cikin sakan ɗaya, lokacin da ake nuna wani fim a talabijin a Japan, alhali matsakaicinsa a wancan lokaci kusan 5,700 ne a sakan, daga saƙonni miliyan 500 a yini. Wannan ninki 25 ne. Lambobin sun kuma zama gwaji mai kyau ga hanyar cire sifiri biyar, domin miliyan 500 ta ba da 5,000, wanda yake kusa da 5,700 gwargwadon gibin da aka riga aka sani.

Ba a sayen injuna ninki 25 a ajiye su suna jiran sakan ɗaya a shekara. Amsar da ta dace a intabiyu ita ce a ce an gina tsarin ya ɗauki ninki uku, sannan abin da ya wuce haka layin jira ne zai shanye shi, ko a taƙaita yawan buƙatun da ake karɓa, ko a ƙara injuna kai tsaye. Na ƙara layi ɗaya a takardar da ke raba waɗannan nau'o'in cunkoso biyu.

17 ga Fabrairu, 2025

Lissafin ma'aji ya ɗauke ni lokaci fiye da sauran, saboda a nan ne abubuwa biyu masu bambancin girma suke haɗuwa, kuma idan aka gauraya su komai ya rikice. Dole a raba hoton kansa da bayanan da ke bayyana shi.

Na fara da hoton. Na ƙaddara asalin hoto megabayit 2 ne. Manhaja ba ta aika asalin hoto zuwa wayar mai kallo, don haka ana yin ƙananan kwafe-kwafe: babba na kilobayit 300, na jerin kallo na kilobayit 200, da ɗan ƙarami na kilobayit 20, waɗanda jimlarsu kusan rabin megabayit ce. Kowane hoto ke nan yana cin megabayit 2.5. Hoto miliyan ɗaya mai megabayit ɗaya terabayit ɗaya ne, don haka miliyan 10 sau 2.5 ya ba da terabayit 25 a yini. A shekara, 25 sau 365 ya ba da terabayit 9,125, wato kusan fetabayit 9, a shekara biyar kuma kusan fetabayit 45. Wanda yake sauri yana iya ɗaukar shekara a matsayin kwana 400, ya samu fetabayit 10 a shekara da 50 a shekara biyar, kuma hakan ya wadatar.

Wannan adadi na kwafi ɗaya ne tak. Faifai yana lalacewa, don haka ana ajiye kwafi fiye da ɗaya, kuma uku ne adadin da aka fi sabawa da shi. Shi ne ma tsarin ajiyar fayiloli na HDFS ke zuwa da shi idan ba a canza ba. Fetabayit 45 sau uku ya zama 135. Akwai wata hanyar da ake yanka fayil gida shida a ƙara masa guntaye uku na gyara, ta yadda ko guntaye uku sun ɓace za a iya sake gina shi, kuma ita tana cin ninki ɗaya da rabi ne kawai, wato kusan fetabayit 68. Abin da ake biya a madadin wannan rangwame shi ne ƙarin lissafi da zirga-zirgar bayanai a lokacin gyara, shi ya sa ta fi dacewa da tsofaffin hotunan da ba a yawan kallo. Gibin da ke tsakanin 135 da 68 ya isa ya zama dalilin da za a ce a raba ma'aji gida biyu, na sababbi da na tsofaffi.

Sai bayanan hoto. Lambar hoto bayit 8, lambar mai shi bayit 8, lokacin ɗorawa bayit 8, wuri bayit 16, adireshin fayil kusan bayit 100, rubutun da ke ƙarƙashin hoto kusan bayit 200. Jimla 340, na ɗaga ta zuwa 500 saboda fihirisa da abin da rumbun bayanai ke ƙarawa a kowane layi. Miliyan 10 sau bayit 500 gigabayit 5 ne a yini, kusan terabayit 1.8 a shekara, kusan terabayit 9 a shekara biyar.

Idan aka ajiye terabayit 25 kusa da gigabayit 5, bambancin ninki 5,000 ne. Ma'anarsa ita ce hotuna su tafi ma'ajiyar manyan fayiloli irin su S3, rumbun bayanai kuma ya riƙe adireshinsu kawai. Ma'ana ta biyu, wadda ta shafi lokaci, ita ce ƙirga bayit ɗaya bayan ɗaya a gaban allo ɓata minti ne. Na yi shi a nan don in tabbatar da cewa rabin kilobayit zato ne mai ma'ana, amma a intabiyu sai dai a ce rabin kilobayit ko kilobayit ɗaya a wuce, domin ko an ninka shi sau biyu bai kusanci girman hotunan ba.

20 ga Fabrairu, 2025

Duk lissafin shekara biyar na sama ya ƙaddara cewa manhajar ba ta girma. Idan ɗorawa tana ninkawa sau biyu kowace shekara, jimlar ba biyar ba ce, 1 da 2 da 4 da 8 da 16 ne, wato 31, sai fetabayit 45 ya koma kusan 280. Ba zan saka wannan a cikin minti biyar ɗin ba, amma na rubuta shi a gefen takarda a matsayin amsa idan aka tambayi batun girma.

24 ga Fabrairu, 2025

Mun yi atisaye da wata abokiyar aiki wadda ta daɗe tana zama a kujerar masu yin tambayoyi. Bayan na gabatar da rubutu 100 a sakan, sai ta ce: "Malam, mutanen da ke kallon hotuna biliyan biyu a yini, babu abin da suke taɓawa?" Tambayar ta kai mu ga alamar so da ake dannawa a ƙarƙashin hoto, kuma ta nan gizo ke saƙa.

Mu ƙaddara kallo ɗaya cikin ashirin yana ƙarewa da danna alamar. Biliyan 2 a raba da 20 miliyan 100 ne a yini, wato 1,000 a sakan, 3,000 a lokacin cunkoso. Ashe rubutun da ya fi yawa a manhajar hotuna ba ɗora hoto ba ne, danna alamar so ne, wanda ya ninka shi sau goma. Kowane layi ƙarami ne, lambar hoto da lambar mutum da lokaci, bayit 24, a ce 50 tare da fihirisa, wanda ya ba da gigabayit 5 a yini, daidai da na bayanan hotuna. Amma yawan layukan ya kai biliyan 36.5 a shekara, kuma wannan teburi ne zai fara tilasta a rarraba rumbun bayanai a kan injuna da yawa, tun kafin teburin hotuna ya ji nauyi. Akwai kuma matsalar da matsakaici ke ɓoyewa gaba ɗaya, wato hoton wani sananne guda ɗaya da dubban mutane ke danna wa alama a lokaci guda, duk suna neman ƙara ɗaya a kan lamba ɗaya da ke layi ɗaya.

Yawan layuka ya kuma taɓa girman lambar shaida. Lamba mai biti 32 mai alamar ƙari da ragi tana ƙarewa a 2,147,483,647, kusan biliyan 2.1. Da hotuna miliyan 10 a yini za ta cika cikin kwana 215, da alamun so kuwa cikin kwana 21. Tun ran gini tun ran zane: lambar biti 64 ce za a zaɓa tun farko, domin canza ta bayan teburi ya tara biliyoyin layuka aiki ne mai wahala da haɗari.

Na sauya tsarin takardar saboda wannan zama. Kafin a fara raba komai da 100,000, akwai sabon mataki: a jera duk abin da mai amfani ke yi, a tambayi kai wanne ne ya fi yawa a cikin masu rubutu, wanne ne ya fi yawa a cikin masu karatu.

1 ga Maris, 2025

Yau batun faɗin hanya ne, wato yawan bayanan da ke shiga da fita a kowane sakan. Lissafin ninkawa ne kawai na abin da aka riga aka samu. Shiga: hotuna 100 sau megabayit 2, megabayit 200 a sakan. Fita: kallo 20,000 sau kilobayit 200, gigabayit 4 a sakan, 12 a lokacin cunkoso.

Tarkon da ke nan shi ne ma'aji da bayit ake auna shi, hanyar sadarwa kuwa da biti, kuma bayit ɗaya biti takwas ne. Gigabayit 12 a sakan gigabiti 96 ne a sakan, a ce 100. Wanda ya manta da wannan takwas zai ga 12 ya zaci katin sadarwa guda biyu masu gigabiti 10 sun ishe shi, alhali goma yake buƙata, su ma a cike maƙil. Hanyar gane an faɗa wannan tarko ita ce duba harafin: babban B bayit ne, ƙaramin b biti ne. Na mai da shi doka a takardar cewa ba a rubuta lamba a allo ba tare da ma'auninta a gefenta ba.

```
20,000/s x 200 KB = 4 GB/s
4 GB/s x 3 = 12 GB/s
12 GB/s x 8 = 96 Gbps
```

Gigabiti 100 a sakan shi ne dalilin saka CDN, wato sabobin da aka baza kusa da masu amfani suna riƙe kwafin hotuna. Idan suna amsa kashi 95 cikin ɗari na buƙatu da kansu, abin da ke isowa cibiya kashi 5 ne, kusan gigabiti 5 da buƙatu 3,000 a sakan. Abin lura shi ne idan wannan kaso ya sauka daga 95 zuwa 90, a ido raguwa ce ƙarama, amma nauyin cibiya ya ninka sau biyu, domin abin da ke wucewa ya tashi daga 5 zuwa 10. Saboda haka kason da ke kuɓucewa ya kamata a riƙa lissafawa, shi ne ke faɗin girman abin da za a gina a baya.

6 ga Maris, 2025

Girman ma'ajiyar wucin gadi ya ba ni aiki, domin hanyar da aka fi yaɗawa tana da rauni. Ana cewa a ɗauki kashi 20 cikin ɗari na karatun yini a ninka da girman abu. A misalinmu kashi 20 na biliyan 2 miliyan 400 ne, sau kilobayit 200, terabayit 80. Matsalar ita ce wannan lissafi yana ƙirga kallo, ma'ajiya kuwa hotuna take riƙewa, kuma hoton da aka kalla sau dubu gurbi ɗaya yake ci. Manhajar da ake ɗora mata hotuna miliyan 10 a yini ba ta da hotuna miliyan 400 da ake rububin kallo a lokaci guda.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a fara daga hotuna mabambanta. A irin wannan manhaja mafi yawan kallo yana kan sababbin hotuna ne, don haka na ƙaddara na kwana uku na baya, miliyan 30. Sau kilobayit 200, terabayit 6. Wannan ya yi ƙasa da 80 fiye da ninki goma, kuma girma ne da faifai masu sauri na sabobin CDN za su iya riƙewa. Bayanan waɗannan hotuna kuma, miliyan 30 sau bayit 500, gigabayit 15 ne kacal, wanda zai zauna a ƙwaƙwalwar inji ɗaya da ke gudanar da Redis ko Memcached. Idan an saka injuna fiye da ɗaya a wannan wuri, dalilin shi ne kariya daga mutuwar inji da raba nauyin buƙatu, kuma yana da kyau a faɗi haka a fili, don kada a zaci rashin wuri ne.

Iyakar wannan hanya ita ce ta dogara da zaton cewa sabo ake kallo. A manhajar da mutane ke binciko tsofaffin abubuwa, kamar ma'ajiyar takardu, zaton ba zai tsaya ba, sai a nemi wata hujjar.

11 ga Maris, 2025

Saura yawan sabobi. Abu na farko shi ne kallo 60,000 a sakan ba buƙatu 60,000 ba ne ga sabobin manhaja. Waya tana neman jeri ɗaya mai ɗauke da adireshin hotuna 20, sannan ta karɓo hotunan daga CDN. Buƙatun jeri ke nan 3,000 ne a sakan a lokacin cunkoso. Idan aka haɗa da alamun so 3,000 da ɗorawa 300, jimlar ta kai kusan 6,300, a ce 6,000.

Don mai da wannan zuwa yawan injuna na yi amfani da dokar Little, wadda John Little ya tabbatar a 1961: adadin abubuwan da ke cikin tsari a lokaci guda daidai yake da yawan shigowarsu a sakan sau tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka. Idan buƙata tana ɗaukar milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan, to 6,000 sau 0.1 ya ba da buƙatu 600 da ake kan yi a kowane lokaci. Mu ƙaddara saba ɗaya tana iya riƙe 50 a lokaci guda, sai a samu 12. Ba a barin inji ya yi aiki a cike, domin layin jira yana tsawo da sauri idan ya kusa cika, don haka idan aka tsaya a kashi 60 cikin ɗari ana buƙatar 20.

Dokar ta kuma bayyana wani abu da ake gani a aiki. Idan rumbun bayanai ya yi nauyi, buƙata ta koma ɗaukar milisakan 500 maimakon 100, buƙatun da ke cikin tsari za su tashi daga 600 zuwa 3,000 ba tare da an ƙaru da mai amfani ko ɗaya ba, alhali sabobi 20 gurbi 1,000 kawai suke da shi. Alamar wannan matsala ita ce yawan buƙatu a sakan yana nan yadda yake, amma guraben sabobi sun cika. Lambar 50 ita ce mafi rauni a duk lissafin, domin ta dogara da harshen da aka rubuta manhajar da irin aikin da buƙatar ke yi, kuma gaskiyarta sai da gwajin nauyi. A gaban allo sai a ce gomomin injuna ake magana, ba dubbai ba, a kuma nuna wace lamba ce zato.

15 ga Maris, 2025

Na gwada takardar da agogo tare da abokiyar aikin nan, kuma idan aka bi komai daga buƙatu zuwa sabobi lokacin yana zarce minti biyar. Shawararta ita ce a bar girman ma'ajiyar wucin gadi da yawan sabobi sai zanen ya iso wurinsu, a lissafa su a lokacin da ake buƙatarsu. Na karɓi shawarar. Abin da ya rage a sashen farko yanzu shi ne zato a kusurwar allo, jerin ayyukan mai amfani, karatu da rubutu a sakan tare da ninkin cunkoso, ma'aji na shekara biyar a rabe gida biyu, da faɗin hanyar fita, kowanne da jimla ɗaya da ke faɗin shawarar da ya haifar.

Na kuma ƙara duba na ƙarshe mai ɗaukar sakan goma: a raba babbar lamba da yawan mutane a ga ko abin da ya fito yana da ma'ana. Terabayit 25 a raba wa masu ɗorawa miliyan 5 ya ba da megabayit 5 ga kowane mutum a yini, wato hotuna biyu, daidai da zaton farko. Da sifiri uku sun zame a hanya, da an ga gigabayit 5 ga kowane mutum, kuma nan take za a gane.

Mako mai zuwa zan ɗora takardar a kan manhajar aika saƙonni, inda saƙo bai wuce 'yan ɗaruruwan bayit ba, kuma lambar da za ta fi takura tsarin ita ce yawan wayoyin da ke riƙe da layin sadarwa a buɗe a lokaci guda. Takardar ba ta da gurbin wannan lamba tukuna, kuma ina sa ran dokar Little ce za ta samar da ita, daga yawan masu shigowa a sakan da tsawon zaman da kowannensu ke yi.